Yadda Ake Tsara Jadawalin Albashin da Odita Zai Iya Bin Sawunsa Gurbi Bayan Gurbi

Jadawalin albashi shi ne takardar da ke nuna abin da kowane ma'aikaci ya cancanta a wata, da abin da aka cire masa, da abin da ya rage ya shiga asusunsa na banki. A yawancin ƙanana da matsakaitan kamfanoni, da makarantu masu zaman kansu, da asibitoci, ana haɗa shi ne a manhajar lissafi irin su Excel ko Google Sheets ko LibreOffice Calc. A cikin waɗannan manhajoji, shafi a rarrabe yake zuwa layuka na kwance masu lamba da ginshiƙai na tsaye masu harafi, kuma inda layi ya haɗu da ginshiƙi shi ake kira gurbi. Gurbin da ke ginshiƙin C a layi na 9, sunansa C9. Idan odita ya zo bincike, yakan ɗora yatsa a kan adadi guda ya ce a nuna masa daga ina ya fito. Jadawalin da aka tsara da kyau yana ba da amsar da kansa, ko da akantan da ya haɗa shi ya bar aiki.

Ƙa'idoji biyu ne ke sa hakan ya yiwu. Ta farko, kowane adadi da mutum ya buga da hannu yana zama a wuri ɗaya tak, tare da shaidar inda aka samo shi. Ta biyu, kowane gurbi na lissafi yana yin mataki ɗaya kawai. Duk sauran tsarin daga waɗannan biyun yake tasowa.

Raba fayil zuwa shafuka

Fayil ɗin wata guda yana buƙatar shafuka shida. Shafin `Dokoki` yana ɗauke da duk wani kaso da ma'auni: kason alawus, ninkin kuɗin ƙarin lokaci, kason fansho da matakan haraji. Shafin `Rajista` yana ɗauke da ma'aikata, kowa da lambarsa da sunansa da gundarin albashinsa da lambar asusunsa. Shafin `Awanni` yana karɓar awannin ƙarin lokaci da aka amince da su. Waɗannan ukun su ne kaɗai wuraren da ake buga lamba da hannu. Sauran ukun, wato `Albashi` da `Haraji` da `Tantancewa`, fomula ce zalla a cikinsu, ban da ginshiƙin lambar ma'aikaci da kuma kuɗin bashi, wanda shi ma gara a jawo shi daga littafin bashi.

A shafin `Dokoki`, kowane ma'auni yana da layinsa. Ginshiƙin A yana faɗin sunansa, B yana ɗauke da adadin, C yana nuna ranar da ya fara aiki, D kuma yana nuna madogararsa, ko doka ce, ko takardar sharuɗɗan aiki, ko shawarar hukumar gudanarwa. Ginshiƙin D ne ke kai odita daga kwamfuta zuwa takarda, kuma idan babu shi, bincike yana tsayawa ne a kan maganar baki.

Misalin da za a bi har ƙarshe na wani kamfanin sarrafa shinkafa ne da aka ƙaddara a Najeriya, da ma'aikaci mai lamba 014 wanda ke layi na 9. Sharuɗɗan aikin kamfanin sun ba da alawus na gida kashi 40 cikin ɗari na gundarin albashi a gurbin B2, na sufuri kashi 20 a B3, na abinci naira 10,000 a B4. Ranakun aiki 22 ne a wata a B5, awannin aiki 8 a rana a B6. Ƙarin lokaci a ranar aiki ana ninka shi sau 1.5 a B7, na ranar hutu sau 2 a B8. Kason fansho na ma'aikaci yana B9, na kamfani yana B10.

Gundarin albashi da alawus

A shafin `Albashi`, lambar ma'aikaci ce mabuɗi, domin suna yakan zo iri ɗaya, kuma rubutunsa yakan bambanta daga takarda zuwa takarda. Gurbin C9 yana jawo gundarin albashi daga rajista, D9 kuma yana fitar da alawus na gida:

```
C9: =INDEX(Rajista!$C:$C,MATCH($A9,Rajista!$A:$A,0))
D9: =ROUND(C9*Dokoki!$B$2,2)
```

Sifilin da ke ƙarshen MATCH yana tilasta wa manhaja ta nemo ainihin lambar, idan ba ta same ta ba ta nuna kuskure. Masu amfani da VLOOKUP da suka manta da sa FALSE a ƙarshe sukan faɗa cikin matsala a nan, domin manhaja tana iya kawo albashin wani ma'aikaci dabam ba tare da wani gargaɗi ba. Alamar dala da ke cikin `$B$2` kuwa tana kafe gurbin, ta yadda idan aka ja fomular ƙasa zuwa sauran ma'aikata, kowa zai ci gaba da duban B2.

Ma'aikaci 014 yana da gundarin albashi naira 120,000. Alawus na gida ya kama 48,000, na sufuri a E9 ya kama 24,000, na abinci a F9 kuma 10,000. Da akanta ya rubuta `=C9*0.4`, amsar ɗaya ce a wannan watan, amma ranar da aka sauya kason sai an bi layi-layi ana gyarawa, kuma layi ɗaya da aka tsallake ya isa ya sa a riƙa biyan wani ba daidai ba har tsawon shekara. Kowane alawus kuma yana da ginshiƙinsa, saboda ba duka ne ke shiga lissafin fansho ba, kamar yadda za a gani.

Kuɗin ƙarin lokaci

A nan ne aka fi samun saɓani tsakanin ma'aikata da ofishin akanta. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta san da ƙarin lokaci, wato aikin da ya wuce awannin da aka yi yarjejeniya a kansu, amma ba ta yanke adadin da za a biya ba. Kwantiragin aiki ko yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ce ke yanke shi. Saboda haka dole abubuwa uku su fito a rubuce: kuɗin da ake rabawa, yawan awannin da ake raba shi da su, da kuma ninkin.

Muhimmancin abu na biyu yana fitowa fili a lissafi. Idan aka raba 120,000 da awa 176, wato kwana 22 sau awa 8, kuɗin awa ɗaya naira 681.82 ne. Idan aka raba da awa 240, wato kwana 30 sau 8, ya koma naira 500. A watan misalin nan, bambancin ya kai naira 5,454.60 ga ma'aikaci ɗaya. Shi ya sa kuɗin awa yake samun gurbinsa na kansa, ba a cusa shi cikin wata doguwar fomula ba.

```
G9: =ROUND(C9/(Dokoki!$B$5*Dokoki!$B$6),2)
H9: =SUMIFS(Awanni!$D:$D,Awanni!$A:$A,$A9,Awanni!$C:$C,"aiki")
J9: =ROUND(G9*H9*Dokoki!$B$7,2)
```

A shafin `Awanni`, kowace rana da aka yi ƙarin lokaci tana da layinta: lambar ma'aikaci, kwanan wata, irin ranar, yawan awanni, da lambar takardar da shugaban sashe ya sa wa hannu. Gurbin H9 yana tara awannin ranakun aiki, I9 kuma yana tara na ranakun hutu ta hanya iri ɗaya da kalmar `hutu`. Ma'aikaci 014 ya yi awa 12 a ranakun aiki, ya samu 12,272.76 a J9, da awa 6 a ranar hutu, ya samu 8,181.84 a K9. Jimillarsu 20,454.60. Jimillar abin da ya cancanta kafin cire komai, a L9, ita ce tarin C9 zuwa F9 da J9 da K9, wato naira 222,454.60.

Kurakurai biyu sukan ɓuya a wannan sashe. Na farko shi ne yadda ake rubuta lokaci. Manhajar lissafi tana ɗaukar kwana guda a matsayin 1, don haka idan aka buga 12:00 tana ganinsa a matsayin 0.5, sai kuɗin awa 12 ya fito kimanin naira 511. Haka kuma awa ɗaya da rabi 1.5 ce, wanda ya rubuta 1.30 ya tauye ma'aikaci mintuna goma sha biyu. Maganinsa shi ne a tsayar da salo ɗaya, a sa Data Validation a ginshiƙin awanni don ya ƙi karɓar abin da ya saɓa, a kuma sa jerin zaɓi a ginshiƙin irin rana don kada wani ya rubuta kalmar da SUMIFS ba za ta gane ba.

Na biyu shi ne cike kwabo. Idan ba a sa ROUND a G9 ba, manhaja tana nuna 681.82 a allo amma tana lissafi da 681.81818 har gaba, sai jimillar ƙarin lokaci ta fito 20,454.55. Odita da ya ɗauki na'urar lissafi ya ninka abin da idonsa ke gani zai samu 20,454.60. Kwabo biyar ba wani kuɗi ba ne, sai dai yana hana alƙaluma haɗuwa, kuma wanda bai san dalili ba zai ɓata lokaci yana neman kuskuren da babu shi. Idan aka cike kowane gurbin kuɗi zuwa kwabo, abin da ke allo da abin da ke ciki sun zama ɗaya.

Fansho, haraji da bashi

Dokar gyaran fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin ɗari, ma'aikatarsa kuma aƙalla kashi 10, kuma kuɗin da ake lissafawa a kai ba zai gaza gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri ba. Saboda haka ana buɗe ginshiƙi na musamman, M, don wannan tushe. A M9 an tara 120,000 da 48,000 da 24,000, an samu 192,000. Gurbin N9 yana ninka shi da kason da ke B9, ya ba da 15,360. Da an ɗora kason a kan jimillar L9, za a cire 17,796.37, an zarce da 2,436.37. Da an ɗora shi a kan gundarin albashi kaɗai, za a cire 9,600, an gaza da 5,760. Ginshiƙin M yana sa a ga tushen da ido, ba sai an buɗe fomula ba.

Kason kamfani, wanda ya kama 19,200 a nan, kuɗi ne da kamfani ke biya daga aljihunsa. Ana ajiye shi a can gefen dama, bayan ginshiƙin abin da ma'aikaci zai karɓa, domin kada tarin cire-cire ya haɗiye shi. Dokar ta ce a tura kason ɓangarorin biyu cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, don haka odita yakan gwada jimillar ginshiƙan biyu da takardar shaidar turawa.

Harajin albashi ya fi kowane sashe matakai, shi ya sa aka ba shi shafinsa. A ƙarƙashin dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji. Abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 ana cire masa kashi 15, daga nan zuwa miliyan 12 kashi 18, zuwa miliyan 25 kashi 21, zuwa miliyan 50 kashi 23, abin da ya haura haka kuma kashi 25. Ana jera waɗannan matakai shida a `Dokoki` daga layi na 14 zuwa na 19, farkon mataki a A, ƙarshensa a B, kasonsa a C. A shafin `Haraji` kuma kowane mataki yana da ginshiƙinsa. Ga fomular mataki na biyu:

```
D9: =ROUND(MAX(0,MIN($B9,Dokoki!$B$15)-Dokoki!$A$15)*Dokoki!$C$15,2)
```

Gurbin B9 na wannan shafi shi ne kuɗin shekara da haraji ya hau kansa. Kamfanin misalin yana cire fansho daga jimillar wata, ya ninka sau 12. Wato 222,454.60 a cire 15,360, saura 207,094.60, a shekara kuma 2,485,135.20. Dokar ta ba masu biyan haya rangwamen kashi 20 na kuɗin hayar shekara, wanda ba zai wuce naira 500,000 ba, kuma shi ma yana da ginshiƙinsa, amma ma'aikaci 014 a gidan gado yake zaune, don haka nasa sifili ne. Abin da ya faɗa mataki na biyu shi ne 1,685,135.20, harajinsa 252,770.28. Sauran matakan sun ba da sifili. Idan aka raba da 12, harajin wata ya zama 21,064.19, wanda gurbin O9 na shafin `Albashi` ke jawowa.

Wannan hanya tana da iyaka. Tana ɗauka cewa kowane wata zai yi kama da wannan, alhali ƙarin lokaci yana hawa yana sauka. A watan da aiki ya yi yawa, ninkawa sau 12 na iya tura ma'aikaci zuwa matakin da kuɗinsa na shekara ba zai kai ba, sai a cire masa fiye da kima. Kamfanin da ke bin ta yana buƙatar rubuta hakan a `Dokoki`, ya kuma daidaita lissafin a watan Disamba bisa ainihin abin da aka biya a shekarar.

Ma'aikacin yana biyan bashin kamfani naira 15,000 a P9, wanda ke da takardar yarjejeniya da ragowar da ake binsa a littafin bashi. Jimillar cire-cire a Q9 ta zama 51,424.19, abin da zai karɓa a R9 kuma 171,030.41. Dokar ƙwadago ta taƙaita abin da za a cire wa ma'aikacin da take karewa a wata ɗaya zuwa sulusin ladansa, don haka ana ƙara ginshiƙin gargaɗi da ke gwada Q9 da sulusin L9. A nan sulusin 74,151.53 ne, ba a kai shi ba.

Shafin tantancewa

Kowane layi a wannan shafi yana gwada adadi biyu da suka fito ta hanyoyi daban, kuma bambancinsu dole ya zama sifili kafin a biya. Gwaji na farko yana tara ginshiƙan albashi da alawus da ƙarin lokaci ɗaya bayan ɗaya, ya cire ginshiƙan fansho da haraji da bashi, ya gwada da jimillar ginshiƙin R. Na biyu yana gwada jimillar R da jimillar takardar da za a aika banki. Na uku yana gwada duk awannin da ke `Awanni` da tarin ginshiƙan H da I, wanda ke fallasa awannin da aka rubuta wa lambar da babu ita. Na huɗu yana gwada yawan mutanen da ke rajista da yawan layukan albashi, kuma shi ke kama fomula irin `=SUM(R5:R60)` da ta bar sabon ma'aikaci a layi na 61.

Ana kuma amfani da COUNTIF don gano lambar ma'aikaci ko lambar asusu da ta fito sau biyu, domin ta nan ma'aikatan bogi suka fi shigowa. Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma goma ce, kuma dole a ajiye ta a matsayin rubutu, in ba haka ba manhaja tana share sifilin farko. Gwaji na ƙarshe shi ne na tsakanin wata da wata: jimillar watan jiya, a ƙara sababbin ma'aikata da ƙarin girma da bambancin ƙarin lokaci, a cire waɗanda suka bar aiki, dole ta kai ga jimillar wannan watan. Duk abin da ya rage babu bayani, shi ne wurin da za a tono.

Yadda odita yake bin sawu

A Excel, odita yakan fara da R9 ya danna Trace Precedents a ƙarƙashin Formulas, sai kibiyoyi su nuna L9 da Q9. Daga L9 ya isa J9, daga nan zuwa G9 da H9 da `Dokoki!B7`. Daga H9 ya shiga `Awanni`, ya ɗauki lambar takarda, ya nemi a kawo masa ita daga fayil. Show Formulas yana bayyana fomulolin shafi duka a lokaci guda, ta yadda layin da ya bambanta da 'yan'uwansa zai fito fili. Go To Special tare da zaɓin Constants yana haskaka gurbin da aka goge fomularsa aka buga lamba, kuma ana iya sa ISFORMULA cikin Conditional Formatting don irin wannan gurbi ya sauya launi nan take.

Abubuwan da ke yanke wannan sawu sanannu ne: layuka da ginshiƙan da aka ɓoye, fomular da ke jawo adadi daga wani fayil da ke kwamfutar mutum ɗaya, da kuma IFERROR da aka sa don ya mayar da kuskure sifili, wanda ke rufe ma'aikacin da ba a same shi a rajista ba. Gyara na musamman, kamar bashin albashin baya, yana shiga ne a ginshiƙinsa tare da lambar takardar amincewa, ba a taɓa fomular da ke wurin.

Bayan an gama, ana kulle gurabun fomula da Protect Sheet, wanda ya haɗa ya sa hannu, wani dabam ya duba, na uku ya amince. Ana adana fayil ɗin kowane wata da shafin `Dokoki` nasa, tare da kwafin PDF da aka sa wa hannu, domin sauyin kaso na gaba kada ya taɓa lissafin baya. Kullewar tana hana kuskuren hannu ne kawai, ba ta tsayar da mai niyyar cuta, kuma babu fomular da za ta san ko an yi aikin awa 12 ɗin da gaske. Wannan sai takardar shugaban sashe da littafin shiga da fita. Idan ma'aikata suka kai ɗaruruwa, ko mutane da yawa suna shiga fayil ɗaya, manhajar albashi mai ajiye tarihin wanda ya sauya me da kuma yaushe ta fi dacewa, kuma jadawalin da aka gina a kan waɗannan ƙa'idoji shi ne abin da za a gwada lissafinta da shi a watannin farko.